Ma'anar "rabin rayuwa" da alaƙarsa da lamda

Wata ɗalibata a nan Yamai ta tsayar da ni bayan darasi, ta ce: "Malam, in rabi yana tafiya cikin awa 6, ai cikin awa 12 komai ya ƙare ke nan?" Tambayar ta yi mini daɗi, domin a daidai wannan wurin yawancin ɗalibai ke zamewa.

Rabin rayuwa shi ne lokacin da rabin atom ɗin wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya ke ɗauka kafin su rushe. Mu ɗauki tekinisiyom-99m, wanda ake yi wa majiyyaci allurarsa don ɗaukar hoton ƙashi ko maƙoshi, irin aikin da ake yi a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdu Mumuni. Rabin rayuwarsa awa 6 ne.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, atom ba ya tsufa. Wanda ya kwana da wanda aka samar yanzu, damar rushewarsu cikin daƙiƙa mai zuwa ɗaya ce, kuma zafin watan Afrilu ko sanyin firiji ba ya canza ta. Wannan dama ita ake kira lamda, ana rubuta ta λ. Tunda kowane atom damarsa ɗaya, yawan waɗanda ke rushewa a daƙiƙa ya dogara ga yawan waɗanda suka rage: A = λN. N shi ne adadin atom, A kuma ƙarfin aikin sinadarin, ana auna shi da bekerel, wato rushewa ɗaya a daƙiƙa.

Na ce mata ta ɗauka akwai tiya 100 ta hatsi a rumbu, uwar gida kuma kullum tana ɗibar kashi ɗaya cikin goma na abin da ta tarar. Yau tiya 10, gobe 9, jibi 8 da ɗan ɗori. Ɗibar tana raguwa saboda rumbun yana raguwa. Haka atom suke: da N ya ragu sai A ya ragu, da A ya ragu sai raguwar N ta yi sanyi. Lissafin da ya dace da wannan hali shi ne:

```
A = A₀ × e^(−λt)
```

A₀ shi ne ƙarfin aikin a farko, t lokacin da ya wuce, e kuma lambar lissafi ce wajen 2,718. In ka sa A = A₀/2 ka warware, za ka samu λT = ln 2, wato λ = 0,693/T, inda T shi ne rabin rayuwa. Ke nan T da λ magana ɗaya suke faɗi: babbar lamda, gajeren rabin rayuwa. Ga tekinisiyom, 0,693 raba 6 ya ba da 0,1155 a awa.

Sai muka gwada. A ce an ja maganin a sirinji da ƙarfe 8 na safe, na'ura ta nuna 740 MBq, wato bekerel miliyan 740, majiyyaci kuma bai iso ba sai ƙarfe 11. λt = 0,1155 × 3 = 0,3465, e^(−0,3465) kuma 0,707 ne, saura 523 MBq. Mai lissafin miƙaƙƙen layi zai ce rabin lokaci ya wuce, don haka rubu'i ya tafi, saura 555. Ya ƙara 32 da babu su a cikin sirinjin. Da ƙarfe 2 na rana saura 370, da ƙarfe 8 na dare, lokacin da ɗalibata ta zaci ya ƙare, akwai 185, washegari da safe kuma wajen 46.

Akwai wani wuri mai santsi da nake so a kula da shi. 0,1155 a awa ba ya nufin kashi 11,55 cikin ɗari na tafiya kowace awa. Abin da ke tafiya kashi 10,9 ne, domin tun cikin awar kanta adadin yana raguwa. Abin da ke saura 0,891 ne, kuma in ka ninka 0,891 da kansa sau shida za ka faɗo a kan rabi. Da wannan nake gane ko lissafi ya tafi daidai. Kuskuren da na fi gani a takardun jarrabawa kuwa shi ne a bar λ a awa, a sa t a minti, sai amsa ta fito kusan sifiri.

Dokar tana da iyaka. A cikin jikin mutum maganin ya fi saurin raguwa, saboda ƙoda ma tana fitar da shi ta fitsari. Sannan doka ce ta taro mai yawa. In atom goma suka rage, ba mai iya cewa biyar cif za su rushe cikin awa 6.

Kafin ta tafi ta tambaye ni yuraniyom na Arlit. Rabin rayuwar yuraniyom-238 wajen shekara biliyan 4,5 ne, don haka lamdarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Giram ɗaya nasa yana ba da bekerel wajen 12.400 kawai, alhali sirinjin can na ƙarfe 8 yana ba da miliyan 740.