Kuɗin Oda Ba Riba Ba Ne

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in mai saye ya biya tun kafin ya karɓi kaya, mai sana'a ya huta, kuɗi sun zama nasa. A'a, amana ce. Ɗauki mai yin cincin ɗin Sallah, wadda ta karɓi kuɗin mutum 10 tun farkon azumi. Idan ta taɓa kuɗin ta yi cefanen gida, sannan fulawa da mai suka tashi kafin Sallah, daga aljihunta za ta cika, ga masu oda a bakin ƙofa. Shi ya sa gwanaye ke sayen fulawa, sukari da mai ranar da kuɗi suka shigo. Ribar kuwa sai bokiti na ƙarshe ya bar gida ake ƙirga ta.