Harajin bana ya ragu? Ku duba, wataƙila jinkirta shi aka yi

Masu kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyin haɗin gwiwa, idan kun sayi inji sai kuka ga harajin shekarar ya sauko sosai, kada ku yi saurin raba rarar. Sau da yawa ba yafe muku aka yi ba, lokacin biya kawai aka ɗaga.

Dalili kuwa shi ne, lissafi biyu ake yi wa inji ɗaya. Akanta yana raba kuɗin sayensa a kan shekarun da zai yi aiki, yana rage darajarsa kaɗan-kaɗan. Dokar haraji kuma tana da nata rangwamen, wanda a ƙasashe da dama ya fi sauri, don a ƙarfafa wa mutane gwiwar zuba jari.

Mu ɗauka an sayi inji a kan 1,000,000, zai yi shekara 5. Akanta zai cire 200,000 duk shekara. Mu ce doka ta yarda a cire 500,000 a shekarar farko, 500,000 a ta biyu, haraji kuma kashi 30 cikin 100 ne. Idan riba kafin a cire tsufan inji 1,000,000 ce, littafinku zai nuna ribar 800,000, wadda harajinta 240,000 ne. Amma hukuma a kan 500,000 za ta caje ku, ku biya 150,000. Wannan 90,000 da ya rage a hannunku shi ne jinkirtaccen haraji, kuma a ɓangaren bashi ake rubuta shi. A ƙarshen shekara ta biyu ya zama 180,000.

Daga shekara ta uku abin yake juyawa. Rangwame ya ƙare, don haka hukuma za ta caji 300,000, alhali littafi 240,000 yake nunawa. Ƙarin 60,000 ɗin daga wancan bashin yake fita, shekara uku a jere, har ya ƙare. Jimillar haraji ba ta canja ba. A nan ne waɗanda suka rabe kuɗin tun farko suke shiga uku, ga haraji ya ƙaru, ga aljihu wayam.

Gane wannan bashin ba wuya. Ku ce wa akantanku ya nuna muku darajar injin a littafi, da abin da ya rage na rangwamensa a wajen hukuma. In ta littafi ta fi yawa, ku lissafa harajin bambancin. IAS 12, ƙa'idar akantoci ta ƙasa da ƙasa kan yadda ake rubuta haraji a littafi, ta ce a yi amfani da kason harajin da doka ta tsayar na lokacin da bambancin zai warware, saboda haka in an ƙara haraji, bashin ma ya ƙaru.

Wasu kan ce ai mai sayen sababbin injina kullum ba ya taɓa biyan wannan bashi. Da ƙamshin gaskiya, tunda sabon rangwame yana rufe wanda ya ƙare. Sai dai shekarar da kasuwa ta tsaya aka daina sayayya, a lokacin ne biyan yake zuwa, kuɗi kuma sun yi ƙaranci.