Lissafin awannin aiki a Excel

Excel bai san awa ba, kwana kawai ya sani. Duk lokacin da aka rubuta a cikin akwati yana ajiye shi ne a matsayin yanki na kwana ɗaya, 6:00 na safe a wurinsa 0.25 ne, 12:00 na rana kuma 0.5, abin da ake gani kamar agogo ɗin nan riga ce kawai aka sa wa lamba.

Wannan tsari gado ne daga manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 da ta fito a 1983, wajen shekara biyu kafin Excel. A can ake ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900, Excel ya ɗauko ƙirgan har da kuskurensa, wato ranar 29 ga Fabrairu 1900 wadda ba a taɓa yinta ba, kuma Microsoft ta ce da gangan ta bar shi saboda fayilolin Lotus su buɗu daidai. Tsofaffin Excel na Mac kuwa daga 1904 suke farawa.

Idan shiga aiki na A2, tashi na B2, `=B2-A2` a C2 ya wadatar, wanda ya shiga 8:00 ya tashi 16:30 zai fito 8:30. Rikicin yana zuwa ne wajen tarawa. Kwana biyar a haka awa 42 da rabi ne, amma `=SUM(C2:C6)` sai ya nuna 18:30, domin rigar `h:mm` irin ta agogo ce, da ta cika awa 24 sai ta koma sifiri. Jimlar tana nan lafiya a ƙasa, a shiga Format Cells, sai Custom, a rubuta `[h]:mm`, 42:30 za ta bayyana.

Mai aikin dare, kamar mai gadi da ya kama 22:00 ya sauka 6:00, lissafinsa ƙasa da sifiri yake fitowa, akwatin ya cika da `####`. Maganin:

```
=MOD(B2-A2,1)
```

Zai ba da 8:00. Amma fa aikin da ya kai awa 24 ko ya wuce ba zai fito daidai da wannan ba, sai an haɗa kwanan wata da lokacin.

Wajen biyan kuɗi dole a ninka jimlar da 24 a mayar da akwatin Number, a samu 42.5. A kan naira 500 duk awa, naira 21,250 ke nan, wanda ya manta 24 ɗin kuwa wajen naira 885 zai gani, don kwana 1.77 ya ninka ba awanni ba.

Lokacin da aka kwafo daga wani wuri wani sa'in rubutu ne ba lamba ba, yana lafewa hagu a akwati, SUM kuma ya tsallake shi shiru. `=ISNUMBER(A2)` zai nuna FALSE idan haka ne.