03/04/2025: 3 ga Afrilu ne ko 4 ga Maris?

Tambaya: Malam, na sayi mota tokunbo daga Amurka, dilan ya turo min takarda an rubuta ETA 03/04/2025, wato ranar da ake sa ran isowarta. Ni na ɗauka 3 ga Afrilu ne, yarona kuma ya dage wai 4 ga Maris ne. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Alhaji, daga wannan lambar ita kaɗai babu mai iya raba muku gardama, dole sai an duba sauran takardar. Mu a Najeriya rana muke fara rubutawa, sai wata, sai shekara, yadda muka gada daga Turawan Ingila. Su kuma Amurkawa wata suke farawa da shi sannan rana, shi ya sa harin 11 ga Satumba 2001 suke ce masa 9/11, wanda in da a nan ne sai mu karanta shi 9 ga Nuwamba. Tunda takardar daga can ta fito zato ya fi karkata wajen yaronka, amma zato ne kawai, kada ka gina lissafin kuɗinka a kansa tukuna.

Abu na farko, ka bi takardar tun daga sama har ƙasa ka nemi wani kwanan watan da ke ɗauke da lambar da ta wuce 12. Watanni 12 ne a shekara, duk lambar da ta haura haka, in ba shekara ba ce, rana ce dole. In ka ga 01/27/2025 a wajen ranar biyan kuɗi to magana ta ƙare, 27 tana tsakiya, kenan mai takardar wata yake sawa a gaba, sauran ma haka za ka karanta su.

To in ba ka samu irin wannan ba fa? Sai ka gwada ranakun da juna ka ga wane karatu hankali zai ɗauka. Mu ce a takardar akwai ETD 02/10/2025, wato ranar tashin jirgin ruwan, ga kuma ETA 03/04/2025, ranar da ake sa ran isowarsa tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas. Karanta su irin namu: ya tashi 2 ga Oktoba ya iso 3 ga Afrilu na wannan shekarar dai, kenan ya iso kusan wata shida kafin ya tashi, wannan kam ba ta yiwuwa. Karanta su irin na Amurka: ya tashi 10 ga Fabrairu ya iso 4 ga Maris, kwana 22 a ruwa, wanda daidai yake da tafiyar jirgi daga gabashin Amurka zuwa Legas. Ka ga yaronka ya ci gardama. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, tsakanin 4 ga Maris da 3 ga Afrilu kwana 30 ne cif, in ka zauna kana jiran Afrilu motar na ajiye a tasha, kwanakin kyauta da ake bayarwa ba su da yawa, suna ƙarewa kuɗin kwana zai fara hawa kanka kullum, ejan ɗinka ma bai fara zancen kwastan ba saboda kai ka ce masa da sauran lokaci.

Akwai dabara ta uku in an rubuta sunan ranar mako a gefe, kamar yadda imel ke nunawa. 4 ga Maris 2025 Talata ce, 3 ga Afrilu 2025 kuma Alhamis ce, kalandar wayarka ta isa ta nuna maka wacce ta dace.

Tambaya: Kenan duk takardar da ta shafi kayan Amurka wata ne a gaba?

Amsa: A'a fa, nan ne mutane ke faɗawa rami. Abin dubawa shi ne wa ya buga kwanan watan da hannunsa, ba daga ina kayan suka fito ba. Dilan can zai rubuta irin nasu, ejan ɗinka na Apapa zai sake bugawa a WhatsApp irin namu, ko kuma ya kwafo lambar yadda take ya turo maka bai juya ta ba, kuma shi kansa bai lura ba. Sai ka tashi da takardu biyu a kan mota ɗaya, ɗaya 03/04 ɗaya 04/03, ka ɗauka an ɗaga ranar ne alhali rana ɗaya suke nufi. Ko kuma akasin haka, duk biyun 03/04 amma kowa da abin da yake nufi, wannan ya fi muni don ba abin da zai sa ka yi shakka. Saboda haka dabarar neman lambar da ta wuce 12 a cikin takarda ɗaya take aiki, hannu ɗaya, kada ka ɗauko hujja daga rasit ɗin wani ka ɗora a kan saƙon wani.

Tambaya: In zan tambayi wanda ya turo, yaya zan yi tambayar?

Amsa: Kada ka ce masa “03/04 ɗin nan tabbas ne?” don zai ce maka e tabbas ne, kuma bai yi ƙarya ba, kowa ya tafi da abin da ke kansa. Ka rubuta masa duka biyun da sunan wata da haruffa, ka ce ya zaɓi ɗaya: 4 March 2025 ko 3 April 2025. Kuma a rubuce ya ba ka amsa ba a kira ba, don gobe in rigima ta taso kan wa zai biya kuɗin kwana kana da abin nunawa. In jirgi ne ma ba sai ka jira kowa ba, ka ɗauki lambar kwantena ko lambar takardar lodi ka sa a shafin kamfanin jirgin, yawancinsu da haruffa suke nuna wata.

Tambaya: Ranaku nawa ne wannan ruɗanin ke shafa, ko kullum ne?

Amsa: Ba kullum ba. Daga 13 ga wata zuwa ƙarshensa babu matsala, lambar da kanta take tona kanta. Ranaku 12 na farkon kowane wata ne abin ji, 12 sau 12 ya ba da 144, a cire guda 12 da ko ta ina ka karanta duk ɗaya ne irin su 05/05 da 09/09, saura 132 a shekara. Fiye da kashi ɗaya cikin uku kenan.

Tambaya: Ina sayar da kayan gwangwani da madarar yara a Agege, wani katan an buga 05/11/26, wani kuma 250403. Yaya zan gane ranar lalacewarsu?

Amsa: Hajiya, na farkon in kayan Amurka ne 11 ga Mayu 2026 yake nufi, in na Ingila ne ko Indiya ko na gida 5 ga Nuwamba 2026, kusan wata shida tsakani. Ki duba ƙasar da aka rubuta a jikin gwangwanin, ki kuma duba kusa da lambar da kyau, kamfanoni da yawa suna buga DD/MM/YY ko MM/DD/YY da ƙananan haruffa, wato suna faɗa miki tsarin da kansu amma ido ba ya kai wa. In babu, ki buɗe wasu katan-katan na kamfani ɗaya ki nemi wanda lambarsa ta wuce 12. In duk kin yi ba ki samu ba, ni dai a abin da za a ci, musamman na jarirai, ranar da ta fi kusa nake ɗauka, ki ɗauka Mayu ne ki fitar da shi kafin nan.

Na biyun kuma alamar kayan Chaina ne, su shekara suke sawa a gaba, sai wata, sai rana, 250403 kenan 3 ga Afrilu 2025, ba 25 ga Afrilu 2003 ba. Sai dai ki kula, a kayan abincin Chaina sau da yawa ranar da aka yi kayan ce ake bugawa, a wani gefen kuma a rubuta tsawon watannin da zai yi, misali 18, ke za ki yi lissafin da kanki: daga farkon Afrilu 2025 wata 18 zai kai ki farkon Oktoba 2026. Mutane na ganin lambar su ce kaya ya lalace alhali sabo ne fil. MFG ranar yi ce, EXP ranar ƙarewa, ki fara gano wacce ce a gabanki kafin ki shiga zancen wata da rana. A magani kuwa galibi rana ma ba a sawa, EXP 03/26 yana nufin har ƙarshen Maris 2026.

Tambaya: Ranar haihuwata a banki 04/03/1990, a wani fom kuma 03/04/1990. Wacce zan bi?

Amsa: Buɗe fasfo ɗinka in kana da shi, a shafin hoto da haruffa ake rubuta wata, ba gardama. Layi biyun nan na ƙasa masu alamar <<< kuma, a na biyun daga bayan NGA akwai lambobi 6, shekara, wata, rana. Wanda aka haifa 4 ga Maris 1990 zai ga 900304. In ta tabbata an juya maka ita a wani wajen ka je a gyara tun yanzu, don in bayanan BVN da na NIN suka saɓa ranar da kake gaggawa za su tsaya maka a wuya.

Tambaya: Ina ajiye lissafin shago a Excel, wasu ranakun na komawa gefen dama wasu na hagu. Me ya jawo?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamfutarka a kan tsarin Amurka take, tokunbo da yawa haka suke zuwa. In ka buga 25/03/2025 ba ta gane shi a matsayin kwanan wata ba don babu wata na 25, sai ta bar shi rubutu kawai a hagu. In ka buga 04/03/2025 kana nufin 4 ga Maris sai ta karɓa hannu bibbiyu ta ajiye shi 3 ga Afrilu, ta tura shi dama, a ido kuma yana nan kusan yadda ka buga shi. Na damar nan su ne masu haɗari ba na hagun ba. Gwada wannan a gefe ka ga watan da ta ɗauka:

```
=TEXT(A2,"dd mmm yyyy")
```

In ta fito maka da Apr inda kake nufin Maris, wannan zai gyara iri biyun gaba ɗaya, muddin na hagun cikakku ne irin 25/03/2025:

```
=IF(ISNUMBER(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

Amma fa sai in duk layukan da tsarin rana-a-gaba aka buga su a wannan kwamfutar. In wasu an kwafo su daga wani fayil da ke daidai tun asali, wannan zai juya su ya ɓata su, sai ka ware su tukuna ka gwada da rasit. Bayan ka gama ka shiga Region a Windows ka mayar da tsarin English (United Kingdom) ko English (Nigeria), don sababbin da za ka buga kada su koma gidan jiya.