Afniya: yadda numfashi ke ɗaukewa a barci alhali ƙirji na ta aiki

Duk matar da mijinta ke da wannan matsala ta san yadda daren yake. Minshari mai ƙarfi, sai tsit kamar an ɗauke wuta, can kuma sai ya ja numfashi da gurnani kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Wannan shirun shi ne likitoci ke kira afniya, wato iska ta daina shiga huhu na tsawon daƙiƙa 10 ko fiye. Ba dannau ba ne, domin mai dannau a farke yake, jikinsa ne ya ƙi motsi. Mai afniya kuwa yawanci bai ma san abin da ya faru ba.

Bututun iska da ke gangarawa daga maƙogwaro zuwa huhu yana da zobba na guringuntsi, shi ya sa ba ya lotsewa. Amma ɓangaren da ke sama da shi, daga bayan ganɗa da beli zuwa gindin harshe, nama ne zalla. Tsoka ce kaɗai ke riƙe shi a buɗe. Da barci ya yi nisa, tsokar sai ta saki, harshe ya zame baya, musamman ga wanda ya kwanta rigingine. Idan hanyar dama ƙunci gare ta, saboda kitsen wuya ko ƙaramar haɓa ko girman tonsil, wato ƙullutun naman nan biyu da ke gefen maƙoshi, abin da ya rage ɗan kaɗan ne.

Shaƙar numfashi kuma zuƙa ce. Faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki tana sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta biyo. Wanda ya taɓa zuƙar ledar fiya wata ya ga yadda take mannewa idan ruwan ya kusa ƙarewa, kuma ƙara zuƙa ƙara mannewa. Haka maƙoshi ke yi. Ƙwaƙwalwa ba ta daina ba da umarni ba, ƙirji bai daina ja ba, ƙofar ce a rufe. Da za a yaye bargo a wannan lokaci, za a ga ciki na tasowa ƙirji na lotsawa, maimakon su tashi tare. A ganina wannan ce alamar da ya fi kamata iyali su lura da ita, fiye da ƙarar minsharin.

To, me ke sa oksijin ya faɗi? Zuciya na ci gaba da tura jini ta cikin huhu, jinin na kwasar oksijin daga iskar da ta rage a ciki, ba a kuma kawo sabuwa. Wannan ragowar iskar ita ce guzurin mutum. Kwanciya tana rage ta, tumbi ya ƙara rage ta, domin kayan ciki na danno huhu daga ƙasa. Shi ya sa mutum biyu za su yi shiru na daƙiƙa 30 iri ɗaya, amma oksijin da ke jinin mai ƙiba ya fi faɗuwa nesa ba kusa ba.

A ɗauki misalin direba ɗan shekara 48 da aka saka wa na'urar awon oksijin a yatsa. Yana kwanciya tana nuna 96. Hanya ta rufe, lambar ta fara sauka a hankali, amma da ta wuce 90 sai ta gangara da sauri zuwa 84, saboda daga nan jini na sakin oksijin cikin sauƙi. Iskar kabon da ya kamata numfashi ya fitar ta taru, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na 'yan daƙiƙu, tsoka ta ɗaure, hanya ta buɗe da wannan gurnani, bugun zuciya da hawan jini suka yi sama. Lambar mafi ƙanƙanta sai bayan ya ci gaba da numfashi take bayyana, don jini na ɗaukar lokaci kafin ya kai yatsa. Idan haka ta faru sau 245 a barcin awa 7, sau 35 ke nan a kowace awa. Wannan lissafi shi ne AHI a takardar gwaji: daga 5 ake fara cewa akwai ciwon, sama da 30 kuma ya yi tsanani.

Faɗuwar ta fi muni gab da asuba, lokacin da barcin mafarki ya fi yawa kuma tsoka ta fi saki. Giya da ƙwayoyin sa barci na tsawaita shirun, don suna jinkirta farkawar. Jan da ƙirji ke yi kuma yana miƙe bangon zuciya, sai ta saki sinadarin da ke sa ƙoda fitar da ruwa, direban ya yi ta tashi fitsari yana zargin ciwon suga.

Cire beli wurin wanzami ba ya magance wannan, tunda bangon maƙoshi da harshe ne ke rufe hanyar. Na'urar CPAP, wadda likitoci ke ba mai wannan ciwo ya sa lokacin barci, ba oksijin take bayarwa ba. Iskar ɗaki take turawa ta abin rufe hanci da ɗan matsi, ta tokare bangon maƙoshi daga ciki yadda ba zai manne ba idan ƙirji ya ja.