Kwana 14 ga korona, kwana 21 ga Ebola: daga ina ake samo kwanakin killacewa?

Lafiyata ƙalau, amma an ce in killace kaina. Me ya sa, kuma wa ya yanke adadin kwanakin?

Ƙwayar cuta ba ta nuna kanta ranar da ta shiga jiki. Takan ɗauki kwanaki tana hayayyafa kafin zazzaɓi ko tari ya bayyana, waɗannan su ne kwanakin ɓuya. Tsawonsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A Ebola daga kwana 2 ne zuwa 21. A korona ta farko yawancin mutane kan nuna alama wajen kwana 5, amma akwai masu kaiwa 14. Masana ba sa yanke wa'adi da abin da ya fi yawa, suna duba masu jinkirin ne, domin mutum ɗaya da aka sallama da wuri ya isa ya sake tayar da annoba. Da nau'in korona na Omicron ya zo da ɓuyar kimanin kwana 3, ƙasashe da dama sun rage wa'adin.

Kuskuren da aka fi yi yana wajen ƙirga. Daga haɗuwarka ta ƙarshe da majinyacin ake farawa. Matar da ta yi jinyar mijinta a ɗaki ɗaya har ranar da aka kai shi asibiti, daga wannan ranar lissafinta zai tashi, ko da ya yi mako yana kwance.

To ai sai alama ta bayyana mutum ke yaɗa cuta, ko ba haka ba?

Nan ne cututtuka suka rabu, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Kwanakin yaɗawa daban suke da kwanakin ɓuya. Mai Ebola ba ya shafa wa kowa sai ya fara rashin lafiya. Cutar numfashi ta SARS ta 2003 ma ta fi yaɗuwa ne a mako na biyu na ciwon, lokacin da yawancin majinyata suna gadon asibiti, shi ya sa aka iya murƙushe ta cikin 'yan watanni. Korona kuwa tana fita daga jikin mutum kimanin kwana 2 kafin ya ji komai. Mai ƙyanda yana yaɗawa tun kwana 4 kafin ƙuraje su feso, har kwana 4 bayan fitowarsu.

Saboda haka masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da majinyaci ba tambaya ɗaya suke yi ba. Ga mai Ebola: da wa ka yi cuɗanya tun da zazzaɓi ya kama ka? Ga mai korona sai an koma kwana 2 baya, lokacin da yake yawonsa yana ganin lafiyarsa lau.

Ta yaya ake gane cewa sabuwar cuta tana yaɗuwa kafin alama?

Da wuya a san ranar da ƙwaya ta shiga jikin mutum, amma kusan kowa yana tuna ranar da ciwo ya kama shi. Sai a nemi mutum biyu da aka tabbatar ɗaya ne ya shafa wa ɗaya, a ƙirga kwanakin da ke tsakanin fara ciwon na farko da fara ciwon na biyu. Wannan ita ce tazarar bayyana. Idan an tara irin wannan da yawa aka ga tazarar ta fi kwanakin ɓuya tsawo, galibin yaɗuwar bayan alama take faruwa. Idan ta yi daidai da su ko ta gaza, akwai yaɗuwa a ɓoye. A farkon 2020 an ga tazarar korona tana wajen kwana 4 zuwa 5, har da waɗanda suka riga wanda ya shafa musu kwanciya. Sai dai a yi hattara: keɓe majinyata da wuri shi ma yana gajarta tazarar, tunda yana yanke yaɗuwar ƙarshen ciwo.

Me wannan ke nufi ga aikin bin sawu a zahiri?

Mu ce wani ya fara tarin korona ranar 10 ga wata. Abokin aikinsa ya zauna kusa da shi ranar 8, ya ɗauka. Da ɓuyar kwana 5, abokin zai ji ciwo ranar 13, amma tun ranar 11 yake yaɗawa. Idan na farkon ya je gwaji ranar 12, sakamako ya fito 14, aka kira abokin ranar 15, to kwana huɗu ke nan yana shafa wa wasu, sai dai a bi sahu na uku.

Yanzu mu ce cutar Ebola ce. Haɗuwar ranar 8 ba ta cikin lissafi. Wanda ya taɓa majinyacin ranar 11, galibi sai bayan kwana 8 zuwa 10 zai fara zazzaɓi, kuma kafin nan ba ya yaɗawa. Ko an same shi ranar 15, ba a makara ba. Za a riƙa auna zafin jikinsa kullum har kwana 21, a keɓe shi da zarar ya tashi. Wanda ake zaton ya ɗauki korona kuwa auna zafi bai wadatar ba, dole ya nisanci mutane tun kafin ya ji komai.