"Montaj ne, wasa ne kawai": me wannan rubutu yake nufi, kuma ina yake tsayawa?

Kalmar montaj ta cika bakin mutane daga Garwa zuwa Marwa, daga Kuseri zuwa Njamena. Yaro ya ɗora fuskar abokinsa a jikin ɗan wasan Coton Sport, ya rubuta a ƙasa "montaj ne, wasa ne kawai". Ɗan siyasa an kama muryarsa yana faɗin abin da bai kamata ba, washegari na kusa da shi su hau rediyo su ce montaj ne. Mai ɗaukar hoto a situdiyo shi ma idan ya sa wa amarya furanni a gefe, ya ajiye ta gaban wani bene da ba ta taɓa gani ba, montaj yake kiran aikinsa. Abu uku ne mabambanta, kalma ɗaya take ɗauke da su, kuma a nan matsalar ɗan rubutun nan na ƙasan hoto take farawa.

Daga Faransanci kalmar ta zo mana, kuma asalinta harhaɗawa ce: a jera guntayen abu su zama ɗaya, kamar yadda masu fim suke yanka hotuna su jona su. Babu ƙarya a cikin asalin ma'anarta. Kusan duk rahoton talabijin da kuka taɓa kallo sai da aka yi masa montaj. Saboda haka wanda ya rubuta "montaj ne" a ƙasan hoto bai faɗi kome ba tukuna. Mai karatu zai iya ɗauka haske aka gyara, ko bango aka sauya, ko hoto biyu aka jera gefe da gefe, alhali abin da aka yi shi ne an cire fuskar mutum an manna a jikin wani. Masu amfani da kalmar don wanke kansu kuma sun ƙara lalata ta. Tun da ta zama abin da mai laifi yake fara furtawa, mutane da yawa idan suka ji an ce montaj sai su ƙara yarda cewa abin gaskiya ne. A Gabon an ga ɗaya gefen lamarin: jawabin sabuwar shekara da shugaban ƙasar na lokacin, Ali Bongo, ya yi a ƙarshen 2018, bayan jinyar da ya yi, wasu sun dage cewa na haɗi ne, kuma sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki ranar 7 ga Janairun 2019 sun ambaci wannan bidiyon. Zargin haɗi kaɗai, ko da ba a tabbatar da shi ba, yana da nasa ƙarfin.

Rubutun da ya amsa sunansa dole ya faɗi abin da aka sauya. "Fuskar abokinmu ce aka ɗora a jikin wani, ba shi ba ne, ba kuɗinsa ba ne." Wannan ya fi "montaj" sau goma, domin ya raba fuska da jiki, ya kuma musanta ainihin abin da hoton yake nunawa. Ita kuwa "wasa ne kawai" niyyar mai hoton take bayyanawa, ba ta ce kome game da hoton ba. Mutum yana iya yaɗa hoton gaskiya na wani don wasa.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce 'yan majalisa guda a wata unguwa a Garwa suna da zaure a WhatsApp, su goma sha biyar. Ɗaya daga cikinsu ya samo hoton wani mutum zaune a kan darduma, ƙunshin takardun sefa dubu goma-goma jibge a gabansa, ya sa manhajar musanya fuska ta ɗora fuskar abokinsu mai sayar da albasa. Ya tura, ya rubuta a ƙasa cewa montaj ne, kowa ya yi dariya. A cikin zauren nan rubutun ma bai da wani aiki, don duk sun san mai albasa, sun san jarinsa. Wanda rubutun zai yi wa amfani shi ne baƙon da hoton zai isa wurinsa daga baya, kuma shi ne wanda da wuya rubutun ya kai gare shi.

Dalili shi ne rubutun ƙasan hoto ba ya cikin hoton. Saƙo ne daban da manhajar take nunawa tare da shi. Idan wani ya tura hoton kai tsaye daga cikin WhatsApp, rubutun yana iya biyo shi, amma akwai ɗan maɓallin da ake taɓawa a cire shi kafin a tura. Idan kuwa hoton ya sauka a ma'ajiyar hotunan waya, aka ɗauko shi daga can aka sa a Facebook, ko aka tura ta Xender ko Bluetooth don tsimin data, to rubutun ya tsaya a baya, hoton ya tafi shi kaɗai. Haka idan aka sa shi a sitatus: sitatus ɗin zai ɓace bayan awa 24, amma wanda ya ɗauki hoton allon wayarsa ya yanke ƙasan yana da nasa har abada. Mafi rauni duka shi ne bayani ta saƙon murya, wanda mutanenmu suka fi so: "Kai jama'a, wasa nake yi fa." Wannan saƙo ne na biyu tun asali, babu mai haɗa shi da hoton ya tura.

To yanzu hoton mai albasa ya isa wayar surukarsa, da ta wanda yake binsa bashin buhu ashirin, da ta mutumin da bai san shi ba a wani ƙauye wajen Tuboro, yankin da garkuwa da mutane don kuɗin fansa ba baƙon labari ba ce. Abin da kowannensu yake gani shi ne sananniyar fuska da tarin kuɗi.

Wasu suna cewa ai duk mai ido zai gane haɗi ne. A babban allo, da hoton asali, sau da yawa haka ne, kuma yana da kyau a san inda ake dubawa. Manhajar tana fara gano idanu biyu da hanci da gefen baki, ta daidaita su da na mai jikin, sannan ta sake zana tsakiyar fuska kawai, daga goshi zuwa haɓa. Kunnuwa da wuya da hannaye da siffar kai duk na mai jikin ne. Shi ya sa wanda ya san mutum yake gane haɗin ta kunne, ko ya ga fuska ta fi wuya haske, ko ya ga bakin hula ya narke cikin goshi. Wani sanannen injin musanya fuska da manhajoji da dama suke amfani da shi, fuskar da yake fitarwa ƙarama ce ƙwarai, fiksel 128 a tsaye 128 a kwance, sai a faɗaɗa ta a goge ta. Wannan gogewar ce take sa fata ta yi sumul fiye da kima, tsagar gado da tabo su dusashe, haƙora su haɗe. Idan mai jikin ya juya gefe, ko hannu ko kofin shayi ya gitta fuskarsa, aikin yakan ɓaci a fili.

Sai dai duk waɗannan alamomi ƙananan abubuwa ne, kuma ƙananan abubuwa su ne farkon abin da matse hoto yake cinyewa. WhatsApp yana rage girman hoto da nauyinsa idan aka tura shi ta hanyar da aka saba. A ɗauki hoton allo, a sake turawa, a sake ɗauka, bayan zagaye kaɗan hoton gaba ɗaya ya yi dishi-dishi, har santsin fuskar ya daina bambanta da sauran jiki. Wato yadda hoton yake nisa da waɗanda suka san wasa ne, haka yake ƙara kama da gaskiya. Kada kuma a dogara da bayanan ɓoye da wasu manhajoji suke sakawa a cikin fayil don nuna cewa na'ura ce ta yi hoton. Ɗaukar hoton allo kaɗai yana zubar da su.

Abin da yake aiki shi ne a rubuta bayanin a jikin hoton kansa kafin ya bar wayar da aka yi shi. Ba sai da wata manhaja ba: a allon da WhatsApp yake nunawa kafin a tura hoto akwai alamar T ko Aa a sama, ita ce ta rubutu. Inda aka ajiye rubutun ya fi abin da aka rubuta muhimmanci. Wanda aka sa a can ƙasa ko a kusurwa, yanka ɗaya yake fitar da shi, kuma idan wani ya mayar da hoton na furofayil, da'irar da kanta za ta cinye kusurwoyin. A sa shi a ƙirji, dab da haɓa, yadda ba za a iya yanke shi a bar fuskar da kuɗin tare ba. Ya yi girman da za a karanta shi tun hoton yana ƙarami a cikin hira, wajen kashi ɗaya cikin goma na tsayin hoton, farin rubutu a kan baƙi. Rubutun da ya hau kan farin bango ko rigar da ba ta da ado, kayan goge abu da ke cikin wayoyin yanzu suna share shi cikin sauƙi. Wanda ya ratsa yatsu da aikin wuyan riga da gefen takardun kuɗi ya fi wuyar gogewa ba tare da an bar tabo ba.

Harshe ma abin lura ne a wurarenmu. Hoton da ya fita daga zauren Hausawa, mai Fulatanci ne ko mai Larabcin Cadi zai iya karɓarsa. A rubuta "HOTON HAƊI NE, BA SHI BA NE", a ƙara "PHOTO TRUQUÉE" a ƙarƙashi, domin wannan a Faransanci kai tsaye take nufin hoton da aka yi wa dabara, ba ta da harshen damo irin na montaj. Alamar fuska mai dariya ba ta isa ba. Mai kallo zai ɗauka dariyar murnar samun kuɗi ce.

Akwai kuma abin da rubutun ba ya iya yi ko da an sa shi daidai. Ba ya zama izini. Mai fuskar ne yake da ta cewa, kuma tambayarsa ake yi kafin a tura: "Aboki, ga abin da na haɗa, in sa a zaure?" Ba ya kuma wanke hoton da tun asali cin mutunci ne. Fuskar matar aure ko budurwa a jikin da ba sutura, ko fuskar mutum cikin kakin soja riƙe da bindiga a yankin da ake fama da Boko Haram, babu rubutun da zai mayar da su wasa. A Kamaru dokar 2010/012 ta 21 ga Disamban 2010 kan tsaron intanet, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwar zamani ba tare da ya iya kawo hujjar gaskiyarsa ba. Wannan ya fi shafar mutum na uku da na huɗu, waɗanda suka karɓi hoton ba rubutu suka ƙara masa nasu: "Ku ga inda mai albasa yake ɓoye kuɗi."

Idan hoton ya riga ya fita ba rubutu, goge shi a zaure ba ya ɗauko kwafin da aka riga aka tura gaba. Abin da ya rage shi ne wanda ya haɗa ya jera hoton asali na mai jikin da na haɗin gefe da gefe a hoto guda, ya rubuta bayanin a tsakiyarsu, ya tura ta duk hanyoyin da na farkon ya bi. Don haka ne ake ajiye hoton asalin a waya, ba a goge shi da zarar an gama haɗawa.